Sifirin farko ya ɓace daga lambobin asusu: a ina aka yi ɓarnar?

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ne ma'ajin ƙungiyarmu ta manoma a Gusau. Na haɗa lambobin waya da na asusun mambobi a Excel, na adana a matsayin CSV don banki. Da na sake buɗewa duk sifirin farko ya gudu. Sai na sake bugawa ke nan?

Amsa: Dakata tukuna, Malam ma'aji, kada ka danna Save. Wataƙila fayil ɗinka lafiyarsa lau.

CSV rubutu ne zalla, ba ya ɗauke da bayanin cewa wannan layin lambar asusu ce, wancan kuɗi ne. Idan ka buɗe shi kai tsaye, Excel ne ke yin hasashe. Da ya ga 0012345678 sai ya ɗauka adadi ne na lissafi, a lissafi kuwa sifirin gaba ba ya ƙara komai, sai ya mayar da shi 12345678. A wannan lokacin ɓarnar a kan allo kawai take. Adanawa ce ke tabbatar da ita cikin fayil.

Don haka fara buɗe shi da Notepad. In sifirin na nan, rufe abinka ka tura wa banki. In kuma gyara za ka yi, buɗe Excel babu komai, shiga Data, zaɓi From Text/CSV, danna Transform Data, ka mayar da layin lambobin zuwa Text, in ya tambaye ka ka zaɓi Replace current, kafin ka shigo da su.

In Notepad ma bai nuna sifirin ba, to tun wajen bugawa ya faɗi, ko kuma an riga an adana. Duk da haka ba sai ka sake bugawa ba, domin lambar asusu a Najeriya guda 10 ce, ta waya kuwa 11. In lambar asusu ta farko tana akwatin A2, a wani sabon layi kusa da ita rubuta wannan, sannan ka kwafe shi har ƙasa:

```
=TEXT(A2,"0000000000")
```

Wannan zai cike gurbin har lambobi su kai 10. Na waya sai ka sa sifiri 11. Kada ka bi su da hannu kana liƙa sifiri ɗaya ɗaya: misalin da na bayar biyu ya rasa, kuma ba kowane asusu ne ke farawa da sifiri ba.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne lambar waya mai 234 a gaba. Ta kai lambobi 13, Excel kuwa daga 12 yake dunƙule adadi ya koma kamar 2.34803E+12. In aka adana CSV a haka, lambobin ƙarshe sun tafi ke nan, babu dabarar da za ta dawo da su sai komawa rajistar mambobi.

Nan gaba, kafin ka buga lamba ko ɗaya, zaɓi layin duka, danna Ctrl+1, ka zaɓi Text. Yin hakan bayan an gama bugawa ba ya dawo da sifirin da ya riga ya faɗi.