Sanarwar kalmar sirri ga ma'aikata: me za ta ƙunsa?

Tambaya: Ina sarin kayan masarufi a kasuwar Singa da ke Kano, kuma ina da ma'aikata tara. Manajan ofishina yana son fitar da sanarwa kan sabuwar dokar kalmar sirri da tabbatarwa mai mataki biyu, amma yaran suna ganin wahalarwa ce kawai. Me ya kamata ya rubuta?

Amsa: Alhaji, ya fara da dalili kafin doka, kuma dalilin ya kasance na kuɗi, domin shi ne kowa ya fi ganewa a kasuwa. Wanda ya shiga imel ko WhatsApp na ofis yana iya aika wa abokan cinikinka saƙo da sunanka cewa an sauya lambar asusun banki, su tura kuɗin buhunan shinkafa can, ba za ka farga ba sai ranar da ka nemi a biya ka. Ga yadda sanarwar za ta iya kasancewa:

"Zuwa ga dukkan ma'aikata. Daga ranar Litinin mai zuwa, kowa zai riƙa shiga imel da manhajar lissafi da sunansa, domin idan aka taɓa wani adadi a san wanda ya taɓa shi. Kada kalmar sirri ta gaza haruffa 15, kuma ya fi sauƙi a haɗa kalmomi huɗu marasa alaƙa da juna, ban da sunan ɗa, lambar waya ko shekarar haihuwa. Ba a yarda a maimaita wadda ake amfani da ita a Facebook ba, saboda idan ta fita daga can, da ita ɓarawo zai gwada ƙofarmu. Bayan kalmar sirri za a nemi lamba mai alƙaluma 6 daga manhajar Google Authenticator, wadda take sauyawa duk bayan daƙiƙa 30. Ba a karanta wa kowa wannan lamba a waya, ko da ya ce shi ne manaja ko daga banki yake."

Na fifita manhaja a kan karɓar lambar ta saƙon tes ne saboda 'yan damfara suna iya karɓar layin mutum ta hanyar sabunta shi da sunansa, saƙon kuma ya koma wayarsu. Alamar hakan ita ce layi ya ɗauke sabis haka kawai alhali na maƙwabta yana aiki, don haka sanarwar ta ce a sanar da manaja nan take.

Kada ya saka dokar sauya kalma kowane wata. Tun 2017 hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, ta ba da shawarar a daina hakan sai in akwai alamar kutse, domin mutane kan ƙara alƙalami ɗaya ne a ƙarshen tsohuwar, ko su rubuta ta a bayan littafin rasit.

Abu ɗaya kuma naka ne, ba na sanarwa ba. Matakin na biyu na babban asusun ofis ya zauna a wayarka, lambobin ko-ta-kwana kuma, waɗanda ake shiga da su idan wayar ta ɓata, a buga su a takarda a kulle a inda kake ajiye takardun shago, sannan a rufe asusun duk wanda ya bar aiki a ranar da ya tafi.