Gwiwa ta hana ni zaman tahiya: in koma sallah a kujera?

Tambaya: Likita, shekaruna 61, an ce ina da amosanin gwiwa a ƙafar dama. Ina iya tsayuwa da ruku'u, amma zaman tahiya da tasowa daga sujada azaba ne. In koma kujera gaba ɗaya?

Amsa: Hajiya, Allah Ya ƙara sauƙi. Kada ki yi saurin komawa kujera tun daga kabbara har sallama. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari ya jero abin daki-daki: a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. Malamai suna cewa rukunin da mutum ya kasa shi kaɗai yake sauka daga kansa. Mu ma a ɗakin gashin ƙashi haka muke so, domin cinyar da aka daina tsayuwa a kanta tana saki, ciwon kuma ya ƙaru.

Tafiya tana lanƙwasa gwiwa wajen digiri 60, zama a kujera 90, amma zaman tahiya yana kai ta wajen 150, nauyin jiki kuma na bisa. Gwiwar da guringuntsinta ya cinye, a wannan naɗewar ta ƙarshe take kuka. Saboda haka ki lura da inda ciwon yake. In a ƙoƙon gwiwa ne sa'ad da ya taɓa ƙasa, shimfiɗa soso mai kauri ƙarƙashin sallayar, iya wurin gwiwoyi, goshi ya sauka inda ya saba. In kuwa can ciki ne lokacin da kika zauna, ninka bargo ki sa ƙarƙashin mazauninki don naɗewar ta ragu, ko ki miƙe ƙafar daman gaba. Wajen sauka ki fara sa hannuwa kafin gwiwoyi, wajen tashi ki dogara a kansu; a mazhabar Malikiyya ma wannan ne mustahabbi.

Gwada haka mako biyu. Ciwon da ya lafa kafin washegari ba ɓarna ba ne. Amma in kin tashi asuba gwiwar ta kumbura, an wuce ƙarfinta. Nan kujera ta shigo: ki yi karatu da ruku'u a tsaye, ki zauna ki yi sujada da nuni, kina sunkuyawa sosai, ba sai an ɗaga matashi zuwa goshi ba. Kujerar ta zama mai tauri, wadda ƙugunki zai ɗan ɗara gwiwa tsawo. Kujerar tsakar gida 'yar guntuwa, wadda na ga iyaye da yawa suna jawowa, tana da wuyar tashi.

Kullum ki tashi ki zauna daga kujerar sau 10, safe da yamma, a hankali. In gwiwar tana kullewa, ko tana zillewa kamar za ki faɗi, ko ta yi ɗumi da kumburi haɗe da zazzaɓi, a je asibiti; mai zazzaɓin kam a ranar.