Inshorar lafiya ta wurin aiki: a duba iyakar kuɗin kafin a sa hannu

"An liƙa mana sanarwa cewa za a sa mu a inshorar lafiya: su biya kashi 80 cikin 100, iyaka jikka 500 a shekara ga iyali. Ga shi ana yanke min na CNSS. In shiga?" Wani direba, Nijar

Ka shiga, Malam. Kuɗin CNSS na fansho ne da haɗarin aiki da kuɗin iyali, ba su biyan masassarar ɗanka. Amma ka fahimci jikka 500 ɗin nan, domin na gidan duka ne. Takardar magani ta jikka 25, ka biya 5, su biya 20. In aka yi wa uwargida aiki na jikka 400, sun ɗauki 320, kai 80, saura 180 har ƙarshen shekara. In damina ta zo da zazzaɓin yara, nan da nan za ta ƙare, daga nan kuwa aljihunka ne. Kafin ka cika takarda, ka tambayi ofishin ma'aikata mata nawa aka yarda a rubuta, yaro har shekara nawa, kuma ko za su biya in ka tsallaka Katsina ko Kano neman magani. Ka nemi amsa a rubuce. Takardar aure da ta haihuwar yara ka fara nemansu yau, kada ranar rufe rajista ta same ka a layin ma'aikatar magajin gari.

Sai abin da ke ci min rai. Mutum na da kati a aljihu, amma don kada ya biya kashi 20 sai ya nufi mai tiren magani a kasuwa, ya sayi ƙwayar da ta wuni a rana, ba kwali, ba ranar lalacewa. Inshora ba ta mayar da ko dala kan wannan. In ciwon ya ƙi, a kwantar da yaro asibiti, kuɗin da aka gudu a biya ninkinsa, iyakar shekara ma ta zaftare. Ku je farmasin da ke cikin jerin da aka ba ku, da takardar likita, ku karɓi rasit mai hatimi.

"Ƙanena ba ya ciki. In ba shi katina, ai muna kama?"

Haba! In aka gane, za a iya soke katin gidanka duka, ga kunya a wurin aiki. Ka taimake shi daga aljihunka.

"Cikina wata 6, ina tsoron a ce ban cancanta ba."

Kwantar da hankalinki, ƴar'uwa. Wasu tsare-tsaren na sa wa haihuwa lokacin jira, wasu na ɗauke shi ga waɗanda suka shiga tare. Ki tambaya yau, ki faɗi watannin cikin da gaskiya, domin ɓoyewa ce ke sa a ƙi biya. Kada ki fasa zuwa awo kina jiran kati. Allah ya sauke ki lafiya.