Gwaggo ta yi mafarkin an kai ni tarhil, ga igamata ta kusa ƙarewa

"Assalamu alaikum. Ni direba ne a wani kamfani a Jidda, shekarata huɗu. Saura sati bakwai igamata, wato takardar izinin zamana a Saudiyya, ta ƙare, kafili, wato mai kamfanin da ya tsaya mini, bai sabunta ba tukuna. Gwaggona, yayar mahaifinmu, ta yi mafarkin an kama ni an kai ni tarhil, inda ake tsare baƙin da za a mayar ƙasarsu. A gidanmu kowa ya san mafarkinta ba ya faɗuwa ƙasa: ta ga rasuwar Baba, ta ga gobarar shagon yayana, ta ga cewa matata namiji za ta haifa. Bayan kwana biyu ni ma na yi irin mafarkin. Yanzu dangi sun matsa in ba wani mutum da kawuna ya haɗa ni da shi riyal 4,000 da fasfona, wai zai gyara igamar ba sai ta hannun kafili ba. Ba na iya barci. Me zan yi?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada fasfonka ya bar hannunka, kada kuma ka ba mutumin nan ko riyal ɗaya. Zan dawo kansa, amma na san muddin mafarkin Gwaggo na tsaye a ranka, duk abin da na faɗa a kan takardu ba zai zauna ba. Don haka mu fara da mafarkin.

Ba ina cewa Gwaggo ƙarya take yi ba. Na tabbata abin da take faɗa har zuciyarta ta yarda da shi. Ba kuma ina musun mafarkin gaskiya ba. Hadisi ya raba mafarki gida uku: akwai na bushara daga Allah, akwai na tsoratarwa daga Shaiɗan, akwai wanda zancen zuci ne kawai, abin da mutum ya wuni yana saƙawa ya biyo shi cikin barci. Abin da danginku suka yi shi ne sun ɗauki kashi biyu sun jefar, duk mafarkin da ya fito daga bakin tsohuwa sai su saka shi a kashi na farko.

Mu yi lissafi. Mutum yakan shiga zangon barcin da aka fi yin mafarki a cikinsa kamar sau huɗu ko biyar a dare ɗaya, kuma yawancin abin da ya gani yana gushewa cikin 'yan mintoci bayan ya farka. Mu ce Gwaggo mafarki biyu kacal take iya tunawa a sati. A shekara ya kai ɗari, a shekara talatin ya kai dubu uku. Kuma mafarkin tsohuwa a kan wa yake? A kan 'yan'uwanta, da 'ya'yansu, da cuta, da haihuwa, da mutuwa, da tafiya, abubuwan da babu gidan da ba sa faruwa. Cikin dubu uku, uku kuka ƙirga. Abin da zai ba ni mamaki shi ne a ce ko ɗaya bai taɓa dacewa ba.

Duba ukun nan ɗaya bayan ɗaya. Haihuwar namiji, ko ba mafarki, duk wanda ya yi canki yana da kusan rabin damar dacewa. Rasuwar Baba, Allah ya gafarta masa, ka tambayi kanka ko yana kwance ne lokacin da ta yi mafarkin. In yana jinya, to 'yar'uwar da ke ganin ƙaninta yana ramewa kullum, dole ta kwana da mutuwarsa a rai. Idonta ne ya gani da rana, barci ya maimaita mata da dare. Gobarar shago ita ce za ta fi tsaya maka, kuma a kanta nake so ka yi tambaya guda: wa ya ji wannan mafarkin kafin wutar ta tashi, kuma da waɗanne kalmomi aka faɗa masa?

Na sha bin diddigin irin wannan, kuma kusan kullum ga yadda nake tararwa. Mai mafarki ta ga hayaƙi, ko jan haske, ko mutane suna gudu a wani wuri da ba ta gane ba. Ta farka da faɗuwar gaba, ba ta faɗa wa kowa ba, ko ta ce "na yi mummunan mafarki" ta tsaya nan. Bayan wata biyu shago ya ƙone. A take ƙwaƙwalwa ta koma ta zaƙulo wancan daren, ta cike gurabensa da abin da ya faru: wurin da ba ta gane ba ya zama kasuwa, mai gudun ya zama yayanka. Tunani ba kamar hoton waya ba ne da ake ajiyewa ya zauna yadda yake. Duk lokacin da aka tuno abu sai an sake ɗinka shi, mafarki kuwa ya fi komai saurin karɓar faci, domin tun asali a yage yake. Idan ta ba da labarin sau goma a gidan suna da zaman makoki, sigar ƙarshe ce take tunawa, kuma za ta iya rantsewa a kai ba tare da ta yi niyyar ƙarya ba.

An taɓa gwada wannan a fili. A watan Maris na 1932 aka sace jaririn Charles Lindbergh, shahararren matuƙin jirgin sama na Amurka, daga gidansu a jihar New Jersey. Kafin a san abin da ya sami yaron, masu bincike a jami'ar Harvard suka sa sanarwa a jaridu cewa duk wanda ya yi mafarki a kan lamarin ya rubuto. Mafarkai kusan 1,300 suka iso. A watan Mayu aka tsinci gawar yaron a cikin daji kusa da gidan. Da aka koma kan wasiƙun, kusan kashi 5 cikin ɗari ne kawai suka ga yaron a mace, kuma huɗu tak suka haɗa mutuwa da ƙasa da itatuwa. Da ba a tattara su a rubuce tun farko ba, mutum huɗun nan ne za a yi ta ba da labarinsu har jikoki, sauran fiye da dubu kuma babu mai sake jin ɗuriyarsu.

Haka abin yake a tsakaninmu 'yan ci-rani. Ga misali, lambobin nawa ne don ka ga yadda abin ke aiki. A ce mu dubu goma ne a gari guda. A wata ɗaya, mutum ɗaya cikin goma yana da wani a gida da ya yi mafarkin an kama shi, ka ga mafarki dubu ke nan. A ce kuma mutum ɗaya cikin ɗari ake kamawa a watan. Ba tare da wata alaƙa tsakanin abubuwan biyu ba, za a samu kamar mutum goma da mafarki da kamu suka haɗu a kansu. Labarin goman nan ne zai zaga guruf-guruf na WhatsApp. Ɗari tara da casa'in ɗin da aka yi musu mafarki suka tashi lafiya suka tafi aiki, wa zai ɗauki waya ya yi shelar cewa mafarkin innarsa bai faru ba?

Naka mafarkin kuwa bai ƙara wa nata ƙarfi ba. Ka ji nata, ka kwana biyu kana juya shi, ga igama na ƙaratowa. Daga bakinta ya shiga kunnenka ya fito a barcinka. Shaida ɗaya ce aka ƙirga sau biyu. Ka kuma lura Gwaggo ta san halin da takardarka ke ciki kafin ta yi mafarkin, in ba daga gare ka ba to daga matarka.

Yanzu ga inda nake jin zafin danginku. Koyarwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan mummunan mafarki a bayyane take: ka yi tofi sau uku ta hagu, ka nemi tsarin Allah daga sharrinsa da sharrin Shaiɗan, ka juya kwanciya, kada ka faɗa wa kowa. Su kuwa sun ɗauke shi sun yaɗa a dangi, sun aika wa mutumin da ke shi kaɗai a ƙasar wasu, sannan suka liƙa masa farashi. Wanda ke riƙe da sitiyari a titunan Jidda aka hana barci. Wannan ba kulawa ba ce, ko da da kyakkyawar niyya aka yi. Kana kuma da damar tambayar kawunka, cikin ladabi, ko yana da wani kaso a cikin dubu huɗun.

Sabunta igama aikin kafili ne, ta asusunsa na Absher ko Muqeem, shafukan intanet na hukumar Saudiyya, ake yi, bayan ya biya kuɗin izinin aiki kuma inshorar lafiyarka na nan da rai. Duk wanda ya ce zai yi maka ita ta bayan kafili, ɗayan biyu ne: ko ya cinye kuɗin ya kashe waya, ko ya jefa ka cikin abin da ya fi ƙarewar igama muni. Na ga wani bawan Allah da ya miƙa fasfo ga irin wannan dillali, aka ce ya daina zuwa aiki domin ana mayar da shi ƙarƙashin sabon kafili. Sabon kafilin bai taɓa bayyana ba, tsohon ya kai rahoton ya gudu daga aiki, aka rubuta masa hurub, ƙarshenta tarhil ɗin ya tafi. Shi ma da mafarkin wata 'yar'uwa aka fara. Har yau a garinsu cewa ake mafarkinta ya tabbata, alhali tsoron mafarkin ne ya tura shi hannun dillali.

Ka kuma ga yadda aka ɗaure zancen ta ko'ina. In ka biya aka kama ka, mafarki ya tabbata. In ka biya ba abin da ya faru, kuɗin ne ya kare ka. Babu hanyar da aka bar wa mafarkin ya faɗi, shi ya sa sunan Gwaggo bai taɓa zubewa ba.

Sati bakwai ba ƙaramin lokaci ba ne, kamfanoni da yawa sai ya rage 'yan kwanaki suke sabuntawa. Ka shiga Absher ka tabbatar da ranar ƙarewar da idonka. Ka je wurin mai kula da takardun ma'aikata a kamfaninku ka tambayi ranar da za su biya, sannan ka bi shi da saƙo a rubuce domin ya zama kana da shaida. In ranar ta wuce ba su yi ba, laifin jinkiri da tararsa a wuyan kafili suke, kuma ofishin ƙwadago ne wurin kai kuka. In kana son yin sadaka, ka yi daidai ƙarfinka ga mabukacin da ka sani.

Gwaggo kuma ka kira ta da kanka, ka gaishe ta, ka roƙi addu'arta. Daga nan ka sa matarka ko ƙanwarka ta sayi ɗan littafi. Duk mafarkin da Gwaggo ta faɗa, a rubuta shi a safiyar ranar, da kwanan wata, da sunan wanda ta gani, da abin da ta ce zai faru, da kalmominta ba ƙari ba ragi. Na tarhil ɗin nan ya zama na farko a shafi, a rubuta a gefensa ranar da igamarka za ta ƙare. Bayan wata shida ku buɗe littafin, ku sa alama a gaban waɗanda suka faru yadda aka rubuta su, ku ƙirga sauran.