Zan gabatar da sabuwar akawunmu a jaridar ofis, me zan sa, me zan bari?

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Sakatariya ce ni a wani kamfanin kayan gini a Adum, nan Kumasi. Mun ɗauki sabuwar akawu, manaja ya miƙo mini fayil ɗinta ya ce in rubuta 'yan layuka na maraba a jaridar ma'aikata, in sa har da labarin iyalinta don ta ji ta zo gida. Ina tsoron in rubuta abin da zai ɓata mata rai. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Tsoron nan naki yana kan hanya. Rufe fayil ɗin tukuna, ki je ki same ta, ko minti 10 ne.

Jimla huɗu ko biyar sun isa. Sunanta yadda take son a kira ta, muƙaminta daidai yadda yake a takardar ɗaukarta, ranar da ta fara, abu ɗaya ko biyu daga aikin da ta yi a baya, sai abin da zai kawo abokan aiki teburinta. Ga misali:

"Muna yi wa Malama Wance barka da zuwa. Ta fara aiki da mu ranar Litinin a matsayin akawu a sashen kuɗi. Ta yi karatu a Jami'ar Kwame Nkrumah, ta kuma shekara 6 tana riƙe da lissafin wani kamfanin rarraba kaya. Daga yanzu rasit ɗin mai da kuɗin tafiya wurinta za a kai. Ta ce wa ya san inda ake waakye mai kyau kusa da ofis, to masu sani ku leƙa ku gaishe ta."

Layin ƙarshen nan daga bakinta zai fito. Ki tambaye ta me take so a sani game da ita, abin da ta ba ki shi za ki sa. Ki kuma tambaye ta ko Hajiya ake ce mata ko Malama, don na ga an yi wata guda ana fushi a kan wannan.

Amma zancen iyali, a nan nake da magana da manajanku. Kullum sai na ji shi: wai maraba ba ta yin daɗi sai an faɗi shekarun mutum, aurensa, 'ya'yansa, unguwarsu, ɗan gidan wane ne. Mu 'yan zango mun saba da wannan a wurin suna da biki, ba laifi. Jaridar ofis kuwa ana ɗaukar hotonta a waya, kafin la'asar ta kai Aboabo da Asawase, ta shiga hannun wanda bai taɓa taka ofishinku ba.

Na gani da idona a wani wurin da na yi aiki. An ɗauki wata baiwar Allah mai karɓar kuɗi, aka rubuta cewa mijinta ya rasu, tana da yara uku, aka ambaci makarantarsu, duk don a tausaya mata. Ba a yi sati biyu ba wani ya buga mata waya, ya kira sunan makarantar, ya ce ɗanta ya faɗi an kai shi asibiti, ta tura kuɗi ta momo yanzu-yanzu. Na same ta a bakin ƙofa, mayafi a hannu, jikinta na rawa, ta riga ta tura. Yaron yana aji lafiya lau. Wanda ya rubuta bai yi nufin sharri ba, amma hakan bai dawo mata da sidi ko ɗaya ba.

Kuma doka ta yi magana. Dokar kare bayanan mutane ta Ghana, mai lamba 843 ta 2012, ta ce bayanin da aka karɓa don wata manufa ba a juya shi zuwa wata da ba ta dace da ita ba. Ta ba ku takardunta ne don a ɗauke ta aiki, a biya ta albashi, a yi mata rajistar fansho. Addini, ƙabila da lafiyar jiki ma dokar ta ware su, ta tsaurara a kansu. Wallahi ina gajiya da masu cewa "ai fayil ɗin ofis ne". Takardar ta ofis ce, labarin da ke ciki nata ne.

Haka nan "ɗiyar aminin manaja ce". Kin rubuta wannan, kin gama da ita, kowa zai ce hanya ta samu, shekara 6 ɗin nan ba wanda zai tuna. Kada kuma ki ce ta zo gyara sashen kuɗi, don waɗanda ta tarar a can su ma za su karanta.

Idan kin gama, ki tura mata rubutun da hoton da za a sa, ta amsa miki a rubuce cewa ta yarda, ki ajiye amsar. Manaja in ya nemi layin iyali, ki ce masa kin tambaye ta, ga abin da ta amince a buga.