Ba za ka kwana a Addis ba, ƙanena

"Yaya, ina wuni. Bursu ta fito, an turo mini biye na zuwa Sin. Na ga zan sauka Addis Ababa ran 14 ga wata, jirgin Guangzhou kuma sai ran 15, ke nan zan kwana in wuni can. Ka san otel mai sauƙin kuɗi? Kuma wace rana zan ce wa mutanen makaranta su tarye ni?"

Kai ne mutum na uku daga Damagaram da ya turo mini hoton biye a bana da irin wannan tambaya. Ga abin da ke rubuce a takardarka, na kwafo shi kamar yadda yake, NIM Yamai ke nan, ADD Addis Ababa, CAN kuma Guangzhou:

```
NIM 14SEP 13:10   ADD 14SEP 20:40
ADD 15SEP 00:30   CAN 15SEP 15:50
```

Mance da maganar otel. Tsakanin saukarka da tashinka awa 3 ne da minti 50. Za ka sauka ƙarfe tara saura ashirin na daren Litinin, kwanan wata ya juya da sha biyun dare kana zaune kan kujerar filin jirgi, bayan rabin awa jirgi ya ɗaga. Wannan 15 ɗin da ka gani ba ta ba ka wuni ba, minti talatin kawai za ka ci daga cikinta a ƙasar Habasha. Mu a gida rana ba ta soma wa mutum sai an yi asuba, shi ya sa ido ke ganin 15 zuciya ta ce "gobe da dare". Su masu jirgi ranarsu tana somawa da 00:00, ko kana barci ko kana farke.

Abin da ke ƙara rikita mu shi ne kalmar dare kanta. In malami a Birni ya ce daren Juma'a, daren Alhamis yake nufi, wanda za a wayi gari Juma'a. In ɗan lakwal ya ce daren Juma'a, sau da yawa bayan an sauko daga masallaci yake nufi. Don haka in za ka faɗa wa Inna, kada ka ce "daren Talata". Ka ce daren Litinin wayewar Talata, kowa ya huta.

Ba a littafi na koyi wannan ba. Shekarata ta biyu a Sin, zan zo hutu, biye na cewa 00:20 ran 3 ga wata. Na yi wunin ran 2 ina yawon sayen tsaraba, na kwanta na yi barcina mai daɗi, ran 3 da magariba na ja akwatuna biyu zuwa filin jirgi, har ina yaba wa kaina na zo da wuri. Matar da ke kan teburin ta dubi takardar, ta dube ni, ta juyo mini da allon na'urarta ta ɗora yatsa kan kwanan watan. Jirgina ya tashi tun awa goma sha takwas da suka wuce. An rubuta ni cikin waɗanda ba su zo ba, kuma da yake hanyar farko ce na rasa, sauran hanyoyin da ke cikin biyen, har da ta dawowa, duk suka faɗi tare da ita. Kuɗin da na tara na shekara guda suka tafi a sabon biye. Abin da ya fi ƙona mini rai, Baba ya riga ya biya kuɗin mota ya zo Yamai tarya ta, ya kwana biyu gidan mutane yana jira. Har yau in an taɓo zancen sai ya yi shiru. Ka lura da wannan sosai a ranar dawowarka, don jiragen da ke tasowa daga can zuwa Afirka da yawa tsakar dare suke tashi.

Sai maganar awoyi. Kowane lokaci da ke cikin biye, agogon garin da aka rubuta kusa da shi ne. Na tashi agogon inda za ka tashi, na sauka agogon inda za ka sauka. In ka ɗebe 13:10 daga 20:40 za ka samu awa bakwai da rabi, alhali ba haka za ka daɗe a sama ba. Addis tana gaban Nijar da awa 2, saboda haka 20:40 ɗinsu 18:40 ne a Zinder, tafiyar awa biyar da rabi ce. Sin kuma tana gabanmu da awa 7, ƙasar duka da faɗinta agogo ɗaya take bi. Lokacin da za ka taka Guangzhou 15:50 na Talata, a gida 08:50 ne na safe, Inna ba ta ma gama karin kumallo ba. Daga Yamai zuwa can, duka da zaman jira, awa 19 da minti 40. Ni yadda nake yi, ina ɗaukar biro in rubuta lokacin Nijar a gefen kowane layi kafin in lissafa komai. In lissafin ya ba ni abin da hankali ba zai ɗauka ba, na san wani wuri na mance bambancin.

Mutanen makaranta ka rubuta musu: Talata 15 ga Satumba, 15:50 agogon Sin, tare da lambar jirgin na biyu, ba na Yamai ba. Sunan watan ka rubuta shi da haruffa, don Sinawa shekara suke farawa da ita, sai wata, sai rana. Ka ce musu kuma fitowarka za ta ɗauki awa ɗaya ko biyu saboda layin fasfo da jiran kaya.

A Addis salularka ce za ta iya cin amanarka. In ba ta kama layi ba, tana nan kan agogon Yamai. Ta nuna maka 22:00 ka ce da sauran lokaci, ka miƙe ƙafa, alhali sha biyu ta buga a wurin, an kusa rufe ƙofa. Kana sauka ka gyara ta da hannu, ka bi allon filin jirgi. Lokacin shiga jirgi da ke kan katin da za su ba ka shi ne naka, ba 00:30 ba. Kuma in ka tambayi Bahabashe ƙarfe nawa ya ce maka uku da dare, ba ƙarya ya yi ba: suna da nasu ƙidayar da ke somawa daga fitowar rana da faɗuwarta, ukunsu tara ce a wurinka.

Kai hanyarka ba ta ratsa layin da kwanan wata ke canzawa ba, wanda ya bi tsakiyar tekun Fasifik wajen digiri 180. Ni yanzu da nake Vancouver aiki na kai ni Tokyo ina ratsa shi. A watannin zafi bambancinmu awa 16 ne. Na taɓa barin Tokyo ƙarfe biyar na yammacin Talata, na yi awa tara a sama, na sauka Vancouver ƙarfe goma na safen Talatar nan dai. La'asar na baro, na iske azahar ba ta yi ba. A tafiya kuma akasin haka ne: ka tashi da rana, ka sauka da rana, amma ranar gobe ce, sai ka ga +1 kusa da lokacin sauka. In wata rana ka ga wannan alama a biyenka, ko +2, yawan kwanakin da za ka ƙara kan ranar tashi ke nan.

Kada ka bar Zinder ran Lahadi kana cewa ai jirgi sai azahar ɗin Litinin. Kilomita wajen 900 ne, ka san halin hanya tsakanin Maraɗi da Dosso in mota ta lalace. Ka shiga motar Asabar, ka kwana biyu Yamai. Ka turo mini hoton biyen dawowa ma in duba kafin ka tashi, ka gaida Inna.