Rigimar 'yan uwa a guruf ɗin dangi: me ya hau kan admin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ne admin na guruf ɗin danginmu a WhatsApp. Mun haɗa naira 420,000 don jinyar kakarmu, aka damƙa wa ɗan kawuna. Bayan an sallame ta, 'yar gwaggona ta rubuta: "Ina sauran kuɗin, ko sun bi iska?" Shi kuma ya saki saƙon murya har da tono mutuwar aurenta. Yanzu kowa na kirana in goya masa baya. In yi shiru, ko in cire ɗaya? Kuma ya halatta in yi ƙarya don in shirya su?

AMSA: Wa alaikumus salam. Shiru bai kamace ka ba. Sulhu tsakanin Musulmi farilla ce ta kifaya, kuma ta fi hawa kan wanda ke da ikon tsayar da fitinar. A nan kai ne makullin yake hannunka. Allah ya ce a Suratul Hujurat, aya ta 10, muminai 'yan uwa ne, ku yi sulhu tsakanin 'yan uwanku.

Fara da rufe guruf ɗin yadda admin kaɗai zai iya tura saƙo, na kwana ɗaya ko biyu, da sanarwar da ba ta ambaci sunan kowa ba. Kada ka cire ɗayansu. Cire mutum hukunci ne, kuma duk dangi za su karanta shi a haka. Kada kuma ka yi musu wa'azi a gaban mutane. A hadisin Sulaiman ɗan Surad, da aka isar wa mai fushi cewa ya nemi tsari daga Shaiɗan, cewa ya yi: ni mahaukaci ne? Magana ce ta gaskiya, amma ta same shi jijiyoyin wuya a tashe. Balle wanda ƙannensa ke karanta duk abin da aka rubuta masa.

Sannan ka kira kowannensu shi kaɗai, da baki, ba a rubuce ba, don rubutu ana ɗaukar hotonsa a tura. Ka ji ta bakin duka biyun kafin ka ce uffan, kamar yadda Annabi (SAW) ya umarci Sayyidina Ali da zai tura shi Yaman.

Inda mutane ke kuskure shi ne ma'anar rashin ɗaukar ɓangare. Ba ya nufin ka ce "duk ku yi haƙuri" a binne maganar. Aya ta 135 a Suratun Nisa'i ta wajabta tsayuwa da adalci ko da a kan iyaye da dangi. Abin da aka hana ka shi ne fifita mutum, amma aiki dole a kira shi da sunansa. A wannan rigimar kowa na da haƙƙi, kowa na da laifi. Ita tana da haƙƙin tambayar lissafi tunda kuɗinta na ciki, amma ba ta da haƙƙin habaicin sata ba hujja. Shi amintacce ne, asali ana karɓar maganarsa a kan abin da aka ba shi amana, amma aurenta ba ya cikin lissafin asibiti, ya ci mutuncinta. Ka gaya wa kowa nasa laifin a keɓe, ka bar na ɗan uwansa.

Ka warware kuɗin daban. A ce rasit ya nuna 365,000. To 55,000 ɗin ya faɗi inda suka tafi, kuɗin mota ne, abincin masu jinya ne, ko suna nan. Kai za ka sa lissafin a guruf da sunanka, a matsayin bayani ga duk wanda ya ba da gudummawa, don kada ya zama an tilasta shi ya amsa mata. Sau da yawa, a abin da na gani, mai amana ba cin kuɗin ya yi ba, rubutawa ne bai yi ba.

Game da ƙarya, hadisin Ummu Kulsum 'yar Uƙba ya tabbata cewa mai sulhu da ya isar da alheri ko ya faɗi alheri ba maƙaryaci ba ne. Wasu malamai sun ɗauke shi a zahirinsa, wasu kamar Imam Ɗabari suka taƙaita shi ga tauriyya, wato magana mai harshen damo wadda gaskiya ce a kanta. Na biyun nake ba ka shawara. Idan ta ce maka "ba haka na so abin ya kai ba", kai masa wannan, ka haɗiye sauran. Idan ka ƙirƙiro cewa ta ba da haƙuri, ranar da suka haɗu a biki asiri zai tonu, ka zama na uku a rigimar. Rangwamen kuma bai shafi kuɗin ba ko kaɗan, domin sulhun da ya halatta haram ba ya inganta.

Ya goge saƙon muryar, ita ta janye habaicin, tukuna ka buɗe guruf. In ɗayansu ya girme ka, ka tafi da dattijon da duka biyun ke jin nauyinsa, ban da kawun da gwaggon. Ka tuna musu kada gaba ta wuce kwana 3, ko da sallama ce kawai za su fara da ita.

Wallahu a'alam.